Daga wace masana'anta lalataccen ƙwan fitila ya fito? Warware yiwuwa mai sharaɗi da zanen bishiya

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa a darasin lissafi na manyan azuzuwan sakandare da shekarar farko ta jami'a, kuma kusan kullum siffarta ɗaya ce. Wani dila yana saro ƙwan fitila daga masana'antu biyu. Masana'anta A ce ke kawo masa kashi 60 cikin 100 na kayansa, masana'anta B kuma ke kawo ragowar kashi 40. A cikin kayan A, kashi 2 cikin 100 lalatattu ne. A cikin na B kuwa kashi 5 ne. Ƙwayayen sun gauraye a sito, babu alamar da za ta bambance su. Sai a ce a ɗauki ɗaya ba tare da zaɓe ba, a yi tambaya biyu: mene ne yiwuwar ya zama lalatacce? Idan kuma an gwada shi an tarar lalatacce ne, mene ne yiwuwar daga B ya fito?

Tambayar farko ba ta cika ba da wahala ba. Ta biyun ce ke raba kan aji, har a samu amsa uku ko huɗu, kowa na ganin tasa ce daidai: wani ya ce 0.05, wani 0.02, wani 0.4, wani 5/7. Amsar gaskiya ita ce 5/8, kuma abin lura shi ne duk waɗancan amsoshin ba daga kuskuren ninkawa ko tarawa suka fito ba. Kowacce amsa ce ta wata tambaya dabam da ba a yi ba. Lambobin da ke wannan misali na koyarwa ne, ba na wani kamfani na zahiri ba, amma hanyar da za a bi da su ita ce ake bi da kowace irin lamba.

## Abin da sharaɗi yake canzawa

Yiwuwa lamba ce tsakanin 0 da 1 da ke nuna yawan kason da wani abu yake da shi a cikin dukkan abin da ka iya faruwa. Idan ƙwai 600 cikin 1,000 na masana'anta A ne, yiwuwar a ɗauko na A ita ce 0.6. Ana rubuta ta P(A).

Yiwuwa mai sharaɗi kuwa tana zuwa ne idan an riga an san wani abu. Sanin da aka yi ba ya canza ƙwan da ke hannu, abin da yake canzawa shi ne rukunin da ake ƙidaya a cikinsa. Kamar tankaɗe ne: sharaɗin shi ne rariya, duk abin da bai cika shi ba an fitar da shi, sai a yi lissafi a kan abin da ya rage kawai. Idan aka ce "in an san ƙwan na B ne", an fitar da dukkan na A daga lissafi. Idan kuma aka ce "in an san ƙwan lalatacce ne", an fitar da dukkan masu kyau, na A da na B baki ɗaya.

Bari harafin L ya tsaya a madadin lalatacce, K kuma a madadin mai kyau. Ana rubuta yiwuwa mai sharaɗi da tsayayyen layi a tsakiya, abin da aka riga aka sani yana dama da layin. P(L|B) na nufin yiwuwar lalacewa in an san ƙwan na B ne. P(B|L) na nufin yiwuwar ƙwan na B ne in an san ya lalace. Littattafan da ke bin tsarin Faransanci sukan rubuta sharaɗin da ƙaramin harafi a gindin P maimakon layin, amma ma'anar ɗaya ce.

Waɗannan biyun, P(L|B) da P(B|L), su ne tushen rikicin. Haruffansu ɗaya, amma rukunin da kowacce ke ƙidaya a ciki ya bambanta. Ta farko tana duban kayan B ne, tana tambayar nawa suka lalace. Ta biyu tana duban lalatattu ne, tana tambayar nawa ne na B. Tambayar ta ba da ta farko kyauta, wato 0.05, ta biyu ce ake so a nemo.

## Yadda ake kafa bishiyar

Ana fara zanen daga ɗigo ɗaya a hagu, rassa su riƙa fita zuwa dama. Shawarar farko ita ce wane abu zai hau rassan farko. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce a duba lambobin da aka bayar: waɗanda ba su da sharaɗi su ne na rassan farko, waɗanda suka dogara da wani abu su ne na rassa na biyu. Kashi 60 da kashi 40 ba su dogara da komai ba, don haka masana'anta ce a farko. Kashi 2 kuwa ba na dukkan kaya ba ne, na kayan A ne kaɗai, don haka wurinsa yana kan reshen da ya tsiro daga A.

```
            0.02 -- L   0.6 x 0.02 = 0.012
   0.6 -- A
            0.98 -- K   0.6 x 0.98 = 0.588

            0.05 -- L   0.4 x 0.05 = 0.020
   0.4 -- B
            0.95 -- K   0.4 x 0.95 = 0.380
```

Lambobin 0.98 da 0.95 ba a ba da su a tambaya ba. An same su ne daga dokar farko ta bishiya: rassan da suka fito daga gaɓa ɗaya, jimlarsu 1 ce, domin ƙwan A ko dai ya lalace ko bai lalace ba, babu na uku. Ɗalibai da yawa sukan bar waɗannan rassa babu komai saboda tambayar lalatattu take magana a kai. Barin su asara ce, don su ne ke ba da damar duba aiki daga baya.

Doka ta biyu ita ce ninkawa a tsawon hanya. Dalilinta a fili yake idan aka faɗe ta da baki. Kashi 2 cikin 100 na kayan A ne suka lalace, kayan A kuma kashi 60 ne na sito, ke nan ana neman kashi 2 na kashi 60. Kason kaso kuwa ninkawa ne. Sakamakon, 0.012, shi ne yiwuwar ƙwan ya zama na A kuma lalatacce a lokaci guda, a cikin dukkan kayan sito. A lura da bambancin: lambar da ke kan reshe na biyu mai sharaɗi ce, lambar da ke ƙarshen hanya kuwa ba ta da sharaɗi, ta abubuwa biyu ce a haɗe.

Kafin a ci gaba sai a tara lambobin ƙarshen guda huɗu: 0.012 da 0.588 da 0.020 da 0.380. Jimlarsu 1 ce cif. Da wani ya rubuta kashi 2 a matsayin 0.2, kuskuren da ake yawan gani, ya kuma sa 0.98 a ɗaya reshen, jimlar za ta zarce 1, nan take ya gane akwai matsala.

Doka ta uku ita ce tarawa tsakanin hanyoyi. Hanya biyu ce ke ƙarewa da L, kuma ƙwai ɗaya ba zai bi duka biyun ba, don ba zai zama na A da na B a lokaci guda ba. Saboda haka ake tara su:

```
P(L) = 0.012 + 0.020 = 0.032
```

Amsar tambayar farko ke nan, kashi 3.2 cikin 100. Akwai ma'auni mai sauƙi na sanin ko ta yi ma'ana: dole ta faɗo tsakanin kashi 2 da kashi 5, tunda cakuɗa kaya ba zai sa su fi mafi kyawun masana'anta kyau ba, ko su fi mafi muninta muni. Kuma ya kamata ta fi kusa da 2, tunda A ta fi yawan kaya. Wanda ya tara 2 da 5 ya samu 7 ya fita daga iyaka. Wanda ya raba biyu ya samu 3.5 ya ɗauka masana'antun daidai suke kawo kaya, abin da tambayar ba ta faɗa ba.

## Tambayar da ke komawa baya

Bishiyar tana tafiya ne daga masana'anta zuwa lalacewa, wato daga sanadi zuwa sakamako. Tambaya ta biyu ta juya akalar: an ga sakamako, ana neman sanadi. Babu wani reshe a zanen da ke ɗauke da P(B|L), shi ya sa wanda ya tsaya neman ta a jikin bishiyar yakan ɗauko wadda ta fi kama da ita ya rubuta.

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin ita ce a mayar da bishiyar ta ƙwayaye na zahiri. A ce akwai ƙwai 1,000 a sito. Guda 600 na A ne, 400 na B. Cikin 600 ɗin, 12 sun lalace. Cikin 400 ɗin, 20 sun lalace. Lalatattu sun zama 32 ke nan, masu kyau 968. Yanzu an ce ƙwan da ke hannu lalatacce ne. Wannan labari ya cire 968 daga lissafi, saura 32. A cikin 32 ɗin, 20 na B ne. Amsar ita ce 20/32, wato 5/8, ko 0.625.

A jikin bishiya, abin da aka yi shi ne an share duk hanyar da ta ƙare da K, an bar biyu. Jimlar biyun 0.032 ce ba 1 ba, don haka sai a raba kowacce da wannan jimla domin su koma cikakken rukuni:

```
P(B|L) = 0.020 / 0.032 = 0.625
P(A|L) = 0.012 / 0.032 = 0.375
```

A sama ana sa hanyar da ake tambaya a kanta. A ƙasa ana sa jimlar dukkan hanyoyin da suka cika sharaɗi, har da ita kanta wadda ke sama. Wannan ƙarshen maganar yana da muhimmanci, domin akwai masu raba 0.020 da 0.012 su samu lambar da ta wuce 1, su kuma miƙa ta a haka. Yiwuwa ba ta wuce 1.

Ma'anar amsar ita ce, kafin a gwada ƙwan, yiwuwar na B ne 0.4 ce. Bayan an ga ya lalace ta hau zuwa 0.625. Hawan ya dace da hankali, tunda B ta fi yawan lalata kaya. Wannan ma wani ma'auni ne: idan lissafi ya nuna cewa ganin lalacewa ya rage zargin masana'antar da ta fi lalatawa, to an yi kuskure a wani wuri.

Da a ce ƙwan mai kyau aka tarar, labarin da ya bayar kaɗan ne ƙwarai. Masu kyau 968 ne, 380 daga ciki na B, wato kusan 0.393. Daga 0.4 zuwa 0.393 ba wani motsi ba ne. Dalili kuwa shi ne duka masana'antun kusan duk kayansu masu kyau ne, 0.98 da 0.95 ba su da nisa da juna. Amma 0.05 ta ninka 0.02 sau biyu da rabi. Abin da ke motsa yiwuwa shi ne yadda lambobin rassa biyun suka ninka juna, ba tazarar da ke tsakaninsu ba, domin tazarar 0.03 ce a duka wuraren biyu.

## Inda sauran amsoshin suka fito

Mai amsa 0.05 ya juya sharaɗin, ya ba da P(L|B) a wurin P(B|L). Mai amsa 0.02 ya ninka daidai, ya isa ƙarshen hanya, sai ya tsaya bai raba ba. Abin da ya bayar shi ne yiwuwar "na B kuma lalatacce" a cikin dukkan ƙwai 1,000, alhali an ce a duba cikin lalatattu kawai. Mai amsa 0.4 bai yi amfani da labarin lalacewar ba sam.

Amsar 5/7 ta fi su ban sha'awa, don mai ita ya fahimci cewa akwai rabawa. Ya ɗauki 5 ya raba da jimlar 2 da 5. Abin da ya manta shi ne rassan farko. Amsarsa za ta yi daidai ne kawai idan masana'antun rabi da rabi suke kawo kaya. Wannan kuskure na mance yawan kason kowa tun farko shi ne mafi haɗari, domin amsar tana kama da ta gaskiya, kuma babu abin da ke nuna ɓacinta a ido.

Bambance "kuma" da "in an san" a cikin jimlar tambaya shi ne rabin aikin. Idan aka ce a nemo yiwuwar ƙwan na B ne kuma lalatacce, an tsaya a ninkawa. Idan aka ce an ɗauko ƙwai an tarar lalatacce ne, ko aka ce "a cikin lalatattun", ko aka ce wani mai saye ya dawo da ƙwan da bai kama ba, to sharaɗi ne ko da ba a ambaci kalmar ba, kuma rabawa ta zama dole.

Wani abin da ke cin maki shi ne gaggawar taƙaita lamba. Wanda ya mayar da 0.032 ta koma 0.03 kafin ya raba zai samu 0.667 maimakon 0.625. Ƙananan lambobi ba sa jure taƙaitawa, sai a bar su yadda suke har layin ƙarshe.

## Idan rabon kaya ya sauya

A bar kashi 2 da kashi 5 yadda suke, amma a ce yanzu A ce ke kawo kashi 90, B kuma kashi 10. Cikin ƙwai 1,000, na A 900 ne, 18 daga ciki lalatattu. Na B 100 ne, 5 lalatattu. Jimla 23, kuma 18 daga cikinsu na A ne, wato kusan 0.783.

Ga shi masana'antar da ta fi inganci ita ce yanzu ta fi yiwuwar zama tushen lalataccen ƙwai. Ba aikinta ne ya ɓaci ba, yawan kayanta ne ya jawo. Zargin B ya hau dai, daga 0.1 zuwa kusan 0.217, amma bai kai rabi ba. Ana iya gano inda ma'aunin ke daidaita: sai lokacin da kason A ya kai 5/7 na kaya, kusan kashi 71 cikin 100, hanyoyin biyu suke ba da lalatattu daidai wa daida. Ƙasa da haka B ce ta fi yawa a cikin lalatattu, sama da haka A ce.

## Ƙwai biyu daga kwali ɗaya

Sau da yawa tambayar takan ƙara mataki. A koma ga rabon 60 da 40, a ce kowane babban kwali daga masana'anta ɗaya yake, amma takardar jikinsa ta ɓace. An buɗe kwali ɗaya, an gwada ƙwai biyu, duka sun lalace. Bishiyar za ta samu hawa uku: masana'anta, ƙwai na farko, ƙwai na biyu. Zaɓen masana'anta sau ɗaya ya faru, don haka 0.6 da 0.4 sau ɗaya suke shiga lissafi.

```
A, L, L: 0.6 x 0.02 x 0.02 = 0.00024
B, L, L: 0.4 x 0.05 x 0.05 = 0.00100
P(B|L,L) = 0.00100 / 0.00124 = 0.806
```

Ƙwai ɗaya ya kai zargin B zuwa 0.625, na biyu ya kai shi kusan 0.806. Ana iya samun wannan amsa ta wata hanya: bayan ƙwai na farko, a zana sabuwar bishiya da 0.375 da 0.625 a rassan farko maimakon 0.6 da 0.4, a sake aikin. Za a samu 0.0075 da 0.03125, jimla 0.03875, rabon B kuma ya sake fitowa 0.806.

Tarkon da ke nan shi ne a ninka 0.032 da 0.032 a ce ita ce yiwuwar lalatattu biyu. Hakan zai ba da 0.001024, ba 0.00124 ba. Zai yi daidai ne da a ce an ɗauko ƙwayayen daga babban tarin da aka gauraya. Amma tunda kwalinsu ɗaya, lalacewar na farko ta ƙara zaton kwalin na B ne, wannan kuma ya ƙara zaton na biyu ma zai lalace, daga 0.032 zuwa kusan 0.039.

Lissafin ya ɗauka cewa cire ƙwai ɗaya bai canza kason lalatattu ba. Wannan ya yi daidai idan kashi 2 da kashi 5 yadda masana'anta take aiki ne gaba ɗaya. Idan kuwa tambaya ta ƙayyade cewa ƙwai 10 ne a akwati, 3 lalatattu, kuma ba a mayar da wanda aka ɗauka, to reshe na biyu yana canzawa: bayan 3/10 sai 2/9.

## Bishiya, ƙa'ida, ko ƙidaya

Rabawar da aka yi a sama tana da suna, ƙa'idar Bayes. Thomas Bayes malamin coci ne ɗan Ingila da ya rasu a 1761, abokinsa Richard Price ne ya miƙa rubutunsa aka buga a 1763. Masanin Faransa Pierre-Simon Laplace ya kai ga wannan tunani a 1774, ya kuma faɗaɗa shi. A yau ana rubuta ta haka ga masana'antu biyu:

```
P(B|L) = P(B)P(L|B) / [ P(A)P(L|A) + P(B)P(L|B) ]
```

Duk wanda ya kalli wannan layi da bishiyar a gefe zai ga abu ɗaya ne: sama hanya ɗaya, ƙasa jimlar hanyoyi biyu. Saɓanin da ke tsakanin malamai a kan wacce za a sa a gaba yake.

Masu fifita ƙa'idar suna cewa ta fi sauri, ba ta cin wuri a takarda, kuma ita ce ke aiki idan masana'antu sun yi yawa ko an shiga darasi mai zurfi inda zane ba zai yiwu ba. Suna da gaskiya a kan girman zane: kowane hawa mai reshe biyu yana ninka yawan hanyoyi, hawa biyar ya zama hanyoyi 32. Rauninta shi ne wanda ya haddace ta bai fahimta ba, da ya sauya wurin harafi ɗaya babu abin da zai faɗakar da shi.

Masu fifita bishiya suna cewa tana tilasta wa mai aiki ya ajiye kowace lamba a gurbinta, tana kuma ɗauke da hanyoyin duba kanta, jimlar kowace gaɓa da jimlar ƙarshe. Rauninta an riga an gan shi: amsar tambayar da ke komawa baya ba ta kan kowane reshe, sai an ƙara mataki a wajen zanen.

Rukuni na uku suna ganin a bar lambobi masu ɗigo a koma ƙidayar kaya, 12 da 20 cikin 1,000. Binciken da Gerd Gigerenzer da Ulrich Hoffrage suka buga a 1995 ya nuna mutane sun fi samun amsa daidai idan aka ba su irin wannan tambaya a matsayin ƙidaya maimakon yiwuwa. Iyakar wannan hanya ita ce sai an zaɓi jimlar da za ta ba da cikakkun lambobi, kuma idan tambaya ta zo da harafi a wurin lamba, ƙidaya ba ta da abin kamawa. A aikace hanyoyin ba sa kore juna. Ana iya rubuta ƙidaya a kan rassan bishiya, sannan a rubuta layin ƙa'idar a ƙasa domin mai duba takarda ya ga inda kowace lamba ta fito.

## Abin da lissafin ke nufi ga dila da mai saye

A ce dilan ya tara lalatattu 32 daga ƙwai 1,000, yana so masana'antun su biya shi asara, ga shi ba a san na wane ne ba. Idan aka raba bisa yawan kayan da kowa ya kawo, A za ta biya kuɗin kusan ƙwai 19, alhali abin da ake sa ran nata ne 12. Rabon da ya dace da lambobin shi ne 3/8 da 5/8. Amma wannan hukunci ne a kan tari, ba a kan ƙwai guda ba. Wanda ya riƙa nuna kowane lalataccen ƙwai yana cewa na B ne, zai yi kuskure sau 3 cikin kowane 8.

Irin wannan bishiya ce ke bayyana abin da ke faruwa idan aka sa na'urar gwaji. A ce na'urar tana kama kashi 90 na lalatattu, amma tana kuskuren ware kashi 5 na masu kyau. A nan rassan farko su ne L da K, da 0.032 da 0.968 da aka samo a baya. Cikin ƙwai 10,000, lalatattu 320 ne, na'urar ta kama 288. Masu kyau 9,680 ne, ta ware 484 bisa kuskure. Tarin da aka ware ya zama 772, kuma 288 ne kawai a ciki suka lalace da gaske, kusan kashi 37 cikin 100. Dilan da ya zubar da tarin ba tare da sake gwadawa ba ya zubar da masu kyau fiye da lalatattu. Ga mai saye kuwa na'urar ta yi amfani sosai: cikin ƙwai 9,228 da suka wuce gwaji, 32 ne kawai lalatattu, wato lalacewa ta sauka daga kashi 3.2 zuwa kusan 0.35 cikin 100.

A takardar jarrabawa ana ba da lambobin rassa a matsayin tabbas. A sito kuwa sai an ƙidaya su, kuma nan ne amsa takan ɓaci ko da lissafi ya yi daidai. Kason rassan farko dole ya zama na kayan da ke sito a lokacin, ba na odar shekarar da ta wuce ba. Idan an riga an sayar da yawancin kayan A, 0.6 ta daina aiki. Kalmar "lalatacce" dole ta zama ma'ana ɗaya ga masana'antun biyu, kada ta ɗaya ta haɗa da wanda ya fashe a mota, ta ɗayar kuma ta tsaya ga wanda bai kama ba. Kashi 2 da aka samo daga gwada ƙwai 50 kacal na nufin ƙwai ɗaya ne ya lalace; da guda biyu ne, da ya zama kashi 4, P(B|L) kuma ta sauko daga 0.625 zuwa 20/44, ƙasa da rabi. Sannan idan akwai mai kawo kaya na uku, ko da kaɗan yake kawowa, dole a ba shi nasa reshe, in ba haka ba jimlar da ake rabawa da ita za ta yi ƙasa, duk lalatattunsa kuma a ɗora wa A da B.